Na duba "lorry" a ƙamus ya tura ni ga "truck": shin abu guda ne?

Malama Hauwa, Zariya

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwa. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma na zo da wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun ranar Alhamis. Na yi wa yara gwaji, na ba su hotunan ababen hawa guda biyar, na ce kowa ya rubuta sunan kowanne a ƙasansa. A ƙarƙashin hoton babbar motar ɗaukar kaya, irin wadda ake loda wa buhunan masara, wata yarinya ta rubuta "truck", ni kuwa na soke da jan biro na rubuta "lorry" a gefe, domin haka yake a littafin da muke koyarwa da shi, haka kuma aka koya mini tun ina firamare. Bayan na raba takardu yarinyar ta biyo ni har ofis, cikin ladabi ta ce ita tana ganin amsarta daidai ce, domin haka take jin yayanta yana faɗa.

Da dare na ɗauki waya na duba "lorry" a ƙamusun Merriam-Webster na Amurka, sai na tarar bai tsaya yin wani bayani ba, ya sa alamar "chiefly British" kawai, wato an fi faɗarta a Ingila, ya tura ni ga kalmar "motortruck". Da na koma na duba "truck" kuma sai na tarar da ma'anoni rututu, har da amalanken turawa da hannu, har da wani sashe na ƙarƙashin taragon jirgin ƙasa. Abin da nake son masana su fayyace mini shi ne, shin kalmomin nan biyu ma'anarsu guda ce, bambancin ƙasa ne kawai tsakaninsu, ko kuwa akwai wani abu da ya wuce haka? Sannan ita yarinyar, na tauye mata hakki ne ko ban tauye ba?

Malam Idi Direba, Funtuwa

Wa alaikumus salam, Malama. Idan sunan motar kike nema, mu a tasha kowace da sunanta. Mai bodin katako da ake loda wa kayan gona ita ce roka, wasu su ce gingimari. Mai dogon baya da ake jonawa da kai ita ce tirela, mai juye yashi tifa, mai ɗaukar mai tanka, matsakaiciyar nan ta ɗaukar kayan ɗaki kanta, sannan ƙaramar mai buɗaɗɗen baya a-kori-kura. Idan kin bayyana mini yadda hoton yake zan gaya miki ko wacce ce a cikinsu.

Malama Hauwa, Zariya

Na gode ƙwarai, Malam Idi, Allah ya tsare hanya. Hoton roka ce, amma ba sunanta na Hausa ne ya ɗaure mini kai ba, sunayenta biyu na Turanci ne nake tambaya a kansu.

Nura, ɗalibi, Kano

Malama, gwargwadon abin da na karanta, wannan aikin wani Ba'amurke ne mai suna Noah Webster. Bayan Amurka ta ɓalle daga mulkin Ingila a 1776, ya ga bai dace ƙasa mai 'yanci ta ci gaba da bin Turancin tsofaffin iyayen gijinta ba, saboda haka ya rubuta babban ƙamusunsa da ya fito a 1828, ya sauya kalmomi da gangan. Shi ya sa Ingila ke cewa "lorry", "petrol" da "boot", Amurka kuma ke cewa "truck", "gasoline" da "trunk". Ma'ana dai guda ce, suna ne ya bambanta, don haka yarinyar tana da gaskiya, a mayar mata da makinta.

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Nura, ka kawo rabin magana daidai, kuma rabin da ka kawo yana da amfani, amma ka ɗora wa Webster kayan da ba nasa ba. Gaskiya ne ƙamusunsa ya fito a 1828, gaskiya ne kuma yana da kishin Amurka ta tsaya da ƙafarta a harshe. Sai dai inda hannunsa ya fi bayyana shi ne ƙa'idar rubutu, wato irin abin da ya sa Amurka ke rubuta "color" da "center" alhali Ingila na rubuta "colour" da "centre". Mutumin ya rasu a 1843, shekaru da dama kafin mota mai inji ta hau titi, don haka babu yadda za a yi ya raɗa wa motar kaya ko man da take sha suna.

Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. Jirgin ƙasa da mota duk sun zo ne bayan al'ummomin biyu sun rabu, teku na tsakaninsu, kowace tana ƙera nata, kuma makanikai da direbobin kowace ƙasa suka ɗauko tsofaffin kalmomin da ke kusa da hannunsu suka liƙa wa sabon abu. Ita "truck" tsohuwar kalmar Ingila ce, tun farkon ƙarni na 17 ana amfani da ita ga ƙaramar ƙafar katako irin wadda ake sa wa igwar jirgin ruwa, daga nan ta koma sunan amalanken ɗaukar kaya masu nauyi. Ita kuma "lorry" ta ɓullo a Ingila wajen shekarun 1830, a matsayin sunan wani shimfiɗaɗɗen keken kaya, musamman a harkar jirgin ƙasa. Da aka sa wa keken kaya inji a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, mutanen Ingila suka ci gaba da kiransa da ɗaya, Amurkawa da ɗayar. Babu wanda ya zauna ya tsara hakan.

Yanzu ga tambayar Malama Hauwa ta farko, wadda ita ce ainihin magana. Kalmomin biyu ba tagwaye ba ne, ɗaya ta fi ɗaya faɗi, kuma jerin sunayen da Malam Idi ya kawo shi ne zai fi nuna mana wannan. A bakin mutumin Ingila, roka da tirela da tifa duk suna iya shiga ƙarƙashin "lorry", amma a-kori-kura ba ta shiga, domin kalmar ta babbar mota ce kawai. A bakin Ba'amurke kuwa, tun daga tirela har zuwa a-kori-kura duk "truck" ne. Sannan mutumin Ingila ya san "truck" kuma yana faɗarta, yana cewa "pickup truck" da "forklift truck", har buɗaɗɗen taragon kaya na jirgin ƙasa haka yake kiransa, alhali Ba'amurke ba ya faɗar "lorry" a maganarsa ta yau da kullum sam. Shi ya sa ƙamusun Amurka ya sallame ki da alama guda, Malama, amma da kin duba "truck" a ƙamusun Ingila da kin tarar da ita zaune daram. Kowace "lorry" ana iya kiranta "truck", amma ba kowace "truck" ake kira "lorry" ba. Bisa wannan, yarinyar da ta ga hoton roka ta rubuta "truck" ba ta yi kuskure ba ta kowace fuska.

Dakta Amina, Houston

Ina tabbatar da maganar Malam Bashir daga abin da nake gani kullum. A nan jihar Texas idan maƙwabci ya ce zai zo ya taya ka kwashe kaya da "truck" ɗinsa, a-kori-kurarsa yake nufi, wadda yake kai yara makaranta da ita, kuma a unguwarmu kusan kowane layi sai ka ga irinta a ƙofar gida. Ita babbar da muke kira tirela, idan suna son su bambance ta sai su ce "semi", ko "eighteen-wheeler" saboda tayoyinta 18, a labarai kuma an fi cewa "tractor-trailer". Shekarata ta farko na taɓa ce wa wata abokiyar aiki na makara domin wata "lorry" ta tare hanya, sai ta tambaye ni wace ce matar kuma me ya haɗa mu, domin kunnenta ya ji kamar sunan mace na ambata.

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Dakta, kin ambaci kalmar da ta taɓa kusan jefa mu cikin kuskure a ɗakin labarai. Wani matashin ma'aikaci ya sami labarin hatsari daga Amurka ɗauke da "tractor-trailer", ya duba rabin farko na kalmar shi kaɗai, ƙamus ya nuna masa motar noma, sai ya rubuta cewa wata tarakta mai jan amalanke ta yi karo da motoci a babbar hanya. Abin da ya tsayar da ni lokacin da nake duba rubutunsa shi ne, labarin ya ce motar tana ɗauke da kayan masarufi daga wata jiha zuwa wata mai nisa, na ce masa babu taraktar da ke irin wannan tafiya. A wannan kalmar, "tractor" na nufin kan tirela ne, wato ɓangaren da inji da direba suke. Mutanen Ingila su kuma "articulated lorry" suke ce wa motar gaba ɗaya. Da ya duba kalmar a haɗe yadda ta zo, da bai ɓata ba, domin ƙamus ya ba ta gurbinta daban.

Alhaji Garba, Dawanau

Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, harkar dakon hatsi nake yi, amma maganar nan ta taɓo wani abu da ya same ni, kuma ina ganin yana cikin babin. Shekarun baya na sayi wata babbar mota da aka yi amfani da ita a Amurka, takardar bayaninta ta nuna tana ɗaukar "20 tons". Ni lissafina a kullum shi ne tan guda kilo 1,000 ne, wato buhu 20 mai kilo 50, saboda haka na ƙirga buhu 400, har na yi ciniki da wani mai kaya a kan haka. Ɗana ne ya ce in dakata, ya duba kalmar a wayarsa, sai ga ta da ma'ana uku. Tan na Amurka kilo 907 ne, tsohon tan na Ingila kilo 1,016, namu da muka saba kuma 1,000. Da muka sake lissafi, tan 20 na Amurka ya kama kimanin kilo 18,140, wanda bai kai buhu 363 ba. Ke nan buhu 37 na so in ɗora mata fiye da abin da masu ita suka ƙayyade, a kowane sawu. Mu da muke harkar mun san abin da lodin da ya wuce kima ke yi wa sifirin da tayoyi da birki, ballantana a hanya mai gangara. Tambayata ga Malam Bashir ita ce, idan ɗana ba ya kusa, ta yaya zan gane wane tan takarda take nufi?

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Ranka ya daɗe, Alhaji, misalinka ya fi duk wanda zan iya kawowa, domin ya nuna inda haɗarin yake da gaske. Kalma irin "lorry" ba ta cutar da kowa: wanda bai san ta ba zai tsaya ya tambaya, kamar yadda abokiyar aikin Dakta ta yi. Wadda ke cutarwa ita ce kalmar da ƙasashen biyu duk suke da ita, rubutunta ɗaya, amma kowa da abin da yake nufi, domin mai karatu zai wuce ta da tabbacin ya fahimta.

Game da tan, dubi wutsiyar kalmar. Idan ka ga "tonne" da ƙarin haruffa biyu a ƙarshe, ko "metric ton", to namu ne na kilo 1,000. Idan ka ga "short ton", na Amurka ne. Idan kuwa "ton" ce tsurarta, sai ka nemi asalin takardar, kuma takarda ba ta iya ɓoye garinsu. In an rubuta taya "tire" Amurka ce, in "tyre" ce Ingila. In sauran nauye-nauyen da ke ciki da "lbs" aka rubuta su, tankin mai kuma da galan, to daga Amurka ta fito. Shi kansa galan ɗin tarko ne irin wannan, domin na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5, saboda haka tankin da aka ce yana cin galan 100 zai iya zama lita 379 ko lita 455, ya danganta da wanda ya rubuta. Mafi aminci duka shi ne ka bar takardar talla, ka duba ɗan allon ƙarfe ko takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda masu ƙera motar suke rubuta iyakar nauyinta da lambobi.

Isuhu, Maraɗi

Ina gaida dattawa. Mu a Nijar da Faransanci muka yi karatu, Turancin Ingilishi darasi ne kawai a cikin darussa, don haka wannan matsala tana zo mana ta wata ƙofa. Idan na duba "camion" a ƙamusun Faransanci da Ingilishi, kalmomi biyu yake jera mini, kowace da 'yan ƙananan haruffa a gefenta masu nuna ƙasa, kuma na daɗe ina tsallake haruffan nan ban san aikinsu ba, ina ɗaukar ta farko kawai. Amma abin da ya sa na sa baki shi ne kalmar "gas". Wani ɗan uwana ya sayo ƙaramin janareta a Kano, takardarsa ta ce "gas generator", shi kuwa ya san a bakin 'yan uwanmu na Najeriya man gas shi ne wanda manyan motoci ke sha, wanda mu muke kira gazuwal. Har ya aika yaro da jarka, sai mai gyara ya buɗe ya nuna masa fulogi, ya ce injin da ke da fulogi fetur yake sha. Ashe a Turancin Amurka kalmar gajarta "gasoline" ce, wato fetur.

Nura, ɗalibi, Kano

Na karɓi gyara a kan Webster, Malam, na gode, ashe na haɗa rubutu da kalmomi a kwando guda. Amma misalin Malam Isuhu ya sa na lura kalmar nan ma'ana uku take da ita a wurinmu: fetur a Amurka, iskar girki a Ingila, man manyan motoci a Hausa. Tunda fetur da but da tocila da famfo duk daga bakin Turawan Ingila muka aro su, ba sai mu ce duk kalmomin aronmu na Ingila ne ba, mu yi amfani da Hausa a matsayin ma'auni? Wato idan kalmar Turanci ta yi kama da ta Hausa, to ta Ingila ce.

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Dabara ce mai kyau, Nura, kuma za ta fisshe ka sau da yawa, tunda Turawan Ingila ne suka yi mulki a nan har 1960, kuma su suka kawo motar da makarantar. Fetur daga "petrol" yake, but daga "boot", tocila daga "torchlight", alhali Ba'amurke "flashlight" yake cewa. Shi ma gas ɗinmu daga "gas oil" ya fito, ɗan uwan gazuwal ɗin Malam Isuhu. Amma kada ka mai da ita doka. Kananzir daga "kerosene" yake, kalmar da Amurkawa ke faɗa, alhali matar gida a Ingila "paraffin" take ce wa man da take zuba wa fitila ko murhu. Famfo kuma da ka ambata daga "pump" yake, wadda duk ƙasashen biyu suke da ita, don haka ba ya nuna komai.

Hajiya Rakiya, Kumasi

Ina son in ƙara wani abu da ban ga an taɓo ba, wato mu kanmu mutanen Afirka ta Yamma mun ba kalmomin nan ma'anar da babu ita a Ingila ko Amurka. A nan Gana idan mutum ya ce zai tafi "lorry station", tashar motocin fasinja yake nufi, kuma "lorry fare" kuɗin mota ne, ko da ƙaramar bas zai hau. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya ga zamanin da manyan motoci masu bodin katako suke ɗaukar mutane da kayansu tare, a kan bencina. Motocin sun tafi, kalmar ta zauna. Sannan a kasuwanninmu "truck pusher" shi ne mai tura kura, yaron da ke yi wa mutane dakon kaya da amalanke, kuma na ji a Najeriya ma haka ake cewa. Da na karanta bayanin Malam Bashir sai na gane ashe tsohuwar ma'anar kalmar ce muka riƙe, wadda Malama Hauwa ta gani a ƙamus ta yi mamaki. Jikata da ke karatu a Ingila ta ce ta taɓa roƙon kuɗin "lorry" a gaban ƙawayenta, suka zaci tirela za ta hau.

Malam Tukur, tsohon hedimasta, Katsina

Na bi muhawarar nan tun daga farko, na kuma ƙaru, amma ina da ja a kan hukuncin da ake neman yankewa. Ban musa cewa "truck" kalma ce ingantacciya ba. Abin da nake cewa shi ne aji yana da ma'auni, kuma ma'aunin makarantunmu Turancin Ingila ne, a kansa aka rubuta littattafanmu, a kansa aka horar da malamanmu. Na shekara talatin da biyu ina duba rubutun yara, kuma abin da na gani a shekarun ƙarshe shi ne yaro ya rubuta "colour" a layi na farko, "center" a na uku, ya sa "petrol" a sakin layi guda, "gas station" a na gaba. Wannan ba sanin Turanci biyu ba ne, rashin sanin ko ɗaya ne. Idan malami ya karɓi duk abin da aka kawo masa, yaushe yaron zai san akwai bambanci? Da ni ne, zan ba yarinyar rabin maki, in kuma kira ta in yi mata bayani.

Dakta Amina, Houston

Baba Malam Tukur, Allah ya ƙara girma, na yarda da kai cewa cakuɗa rubutun ƙasashen biyu a takarda guda aibi ne, kuma ya kamata a hana yara. Inda na saɓa shi ne rabin makin. Tambayar da aka yi wa yarinyar ita ce sunan abin da ke cikin hoto, ba a ce mata ta kawo sunan da mutanen Ingila kaɗai ke faɗa ba, kuma an riga an nuna cewa su kansu suna faɗar kalmar da ta rubuta. Da "gas" ta rubuta a madadin "petrol", ko "pavement" tana nufin kwalta, da na fahimci tsoronka, domin waɗannan suna iya ɓatar da mai karatu: ita "pavement" a Ingila gefen titi ne na masu tafiya a ƙasa, a nan kuwa tsakiyar titin ne da motoci ke bi. Amma babu mutumin Landan da zai ga "truck" a ƙarƙashin hoton roka ya ce an yi kuskure. Sannan yaran yanzu abin da suke gani a waya da talabijin yawancinsa na Amurka ne, ko mun so ko mun ƙi, don haka koya musu rarrabewa ya fi hana su amfani.

Malam Tukur, tsohon hedimasta, Katsina

'Yata, a kan kalmar nan guda na sassauta, a ba ta makinta. Amma a kan tsarin gaba ɗaya ina nan kan bakana. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a fara kafa masa ƙafa guda ta tsaya, sannan a nuna masa ta biyu. Kuma malaman da za su koya masa rarrabewar, nawa ne a cikinsu suka san ta?

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Tambayar Malam ta ƙarshe tana da nauyi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Abin da zan iya bayarwa shi ne yadda ni nake duba kalma, ko zai amfani Malama Hauwa da ɗalibanta. Kafin in karanta ma'ana ina fara neman alamar ƙasa, wato 'yan haruffan da Malam Isuhu ya ce ya daɗe yana tsallakewa. Ƙamusun Cambridge yana sa "UK" da "US", wasu suna sa "BrE" da "AmE", na Oxford na masu koyo kuma yana kiran ɓangaren Amurka "North American English" domin ya haɗa da Kanada. Sai dai a lura, kowane ƙamus ba ya yawan sa alama a kan Turancin garinsu, domin a wurinsa shi ne Turanci kawai. Ƙamusun Amurka zai gaya miki "lorry" ta Ingila ce, amma ba lalle ya gaya miki "sidewalk" tasu ce ba. Saboda haka rashin alama ba shaida ba ce cewa kalma ta kowa ce, sai kin san ƙamusun wace ƙasa ne a hannunki, kuma yawancin ƙamusoshin da ke zuwa a waya mutum bai ma san daga ina suke ba sai ya bincika. Ni nakan ajiye guda biyu, na Ingila da na Amurka, in duba kalma guda a kowanne, inda suka saɓa nan nake tsayawa. Kuma alamar takan zauna ne a kan ma'ana guda, ba a kan kalmar gaba ɗaya ba, shi ya sa wanda ya karanta ma'ana ta farko ya rufe waya yake faɗawa ramin da Alhaji ya tsallake.

Malam Idi Direba, Funtuwa

Ashe ni ma jerin da na kawo bai tashi a banza ba. To ina da tawa tambayar. Mu da 'yan boko duka a ƙasar nan muna ce wa motar gaba ɗaya tirela, kai da baya. Wannan na Ingila ne ko na Amurka?

Malam Bashir Mai Fassara, Kaduna

Namu ne, Malam Idi. A ƙasashen biyu "trailer" bayan ne kawai, wanda ake ja, ba shi da inji. Amurkawa ma har wani irin gida da ake iya ja da mota suke kira haka.

Malama Hauwa, Zariya

Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na kira yarinyar gaban aji na mayar mata da makinta, na kuma gaya wa 'yan ajin dalili. Na zana roka da a-kori-kura a allo, na ja layi biyu daga "truck" zuwa ga kowace, na ja layi guda daga "lorry" zuwa roka kaɗai, kuma na ga sun kama nan take. Na ɗauki shawarar Baba Malam Tukur ta fuskar rubutu, na ce musu a ajina haruffan Ingila za mu bi, kada a cakuɗa. Amma abokin aikina da ke koyar da aji uku bai yarda da abin da na yi ba, ya ce ranar babbar jarrabawa mai duba takarda amsar da ke gabansa zai bi, ba ƙamus ba, kuma ni ce zan jawo wa yara asarar maki. Idan akwai wanda ya taɓa zama cikin masu duba takardun jarrabawar gama ƙaramar sakandare a zauren nan, ina roƙon ya gaya mana abin da ake umartarsu da shi idan ɗalibi ya kawo kalmar Amurka da ta dace da tambaya.